Ƙwannafin da Ya Daɗe Tare da Maƙalewar Abinci a Ƙirji: Matakan da Ya Kamata a Bi

Ƙwannafi abu ne da kusan kowa ya taɓa ji, shi ya sa mutane da yawa suke shafe watanni, wasu ma shekaru, suna fama da shi ba tare da sun ga likita ba. Idan ƙwannafin yana zuwa jefi-jefi bayan cin abinci mai nauyi, kuma yana lafawa da magani, to yawanci ba abin fargaba ba ne. Amma ranar da mai ƙwannafi ya fara jin loma tana tsayawa a ƙirjinsa, har sai ya kora da ruwa ko ya dakata kafin ta wuce, lamarin ya canza. Daga wannan ranar, neman maganin da zai kashe zafin ƙirji ya zama abu na biyu. Abu na farko shi ne a gano abin da ya tare hanyar abincin, kuma hakan ba ya yiwuwa sai an leƙa ciki da kyamara.

Abin da ke faruwa a ciki

Bututun abinci, wato hanyar da ta tashi daga maƙoshi ta gangara ta bayan ƙashin ƙirji zuwa tumbi, tsawonsa ya kai kimanin santimita 25 a jikin babban mutum. A ƙarshensa akwai wata tsoka mai kama da zobe, wadda take buɗewa idan abinci ya iso, sannan ta rufe don kada abin da ke cikin tumbi ya dawo sama. Idan wannan tsoka ta yi sanyi, ko kuma wani ɓangare na tumbi ya kutsa sama ta ƙofar tsokar da ta raba ƙirji da ciki, sai ruwan asid ya riƙa tasowa. Fatar cikin tumbi an halicce ta da kariya daga asid, amma ta bututun abinci ba ta da wannan kariya, don haka take ƙonewa, kuma wannan ƙunar ce ake ji a matsayin ƙwannafi.

Idan ƙunar ta yi ta maimaituwa wata da watanni, wurin yakan yi gyambo, ya warke, ya sake yin gyambo, kuma kowace warkewa tana barin tabo. Tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyar tsoka, yana tsukewa ne, har hanyar ta ƙuntata. Likitoci sun daɗe da lura cewa idan faɗin hanyar ya ragu zuwa milimita 13 ko ƙasa da haka, abinci mai tauri yakan riƙa maƙalewa. Wannan tsukewar tabo ita ce ɗaya daga cikin bayanan da aka fi samu, kuma tana da magani. Matsalar ita ce ciwon daji na bututun abinci shi ma da irin wannan alama yake fara bayyana, kuma babu yadda mara lafiya ko likita zai bambanta su da tabbaci ta hanyar labari kawai.

Mataki na farko: tabbatar ba halin gaggawa ake ciki ba

Akwai yanayin da ba ya jiran ranar ganin likita. Idan loma ta tsaya cak, har mutum ya kasa haɗiye yawunsa, yana ta tofarwa ko yawun yana zuba, to hanyar ta toshe gaba ɗaya kuma a tafi sashen gaggawa na asibiti nan take, domin ana so a cire abin da ya maƙale cikin sa'o'i kaɗan. Kada a tura wata loma a kai da nufin ta tunkuɗa ta farko, kuma kada a sa yatsa don tilasta amai, saboda bututun da ya kumbura yana iya yagewa. Haka nan aman jini, ko amai mai launin baƙi-baƙi kamar dusar gahawa, ko bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari, duk alamun zubar jini ne a ciki.

Sai kuma ciwon ƙirji da ake ɗauka ƙwannafi ne alhali zuciya ce. Idan ciwon ya zo kamar an ɗora nauyi a ƙirji, ko yana tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi, ko ya zo da gumi da ƙarancin numfashi, ko kuma tafiya da hawan bene ne ke tayar da shi, a ɗauke shi a matsayin ciwon zuciya har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata sukan sami ciwon zuciya da alamu marasa ƙarfi, waɗanda suke kama da ɓacin ciki.

Mataki na biyu: lura da yadda maƙalewar take zuwa

Wannan shi ne matakin da mara lafiya yake da babban hannu a cikinsa, kuma a ganina shi ne aka fi yin sakaci da shi. Likita zai yi tambayoyi kaɗan, amma amsoshinsu ne za su nuna masa inda zai dosa da kuma irin saurin da ake bukata.

Tambaya ta farko ita ce a wane lokaci matsalar take faruwa. Idan mutum yana shan wahala tun wajen fara haɗiya, yana sarƙewa, yana tari, ko ruwa yana fita ta hanci, to matsalar tana maƙoshi ne, kuma sau da yawa tana da alaƙa da jijiyoyi, kamar bayan shanyewar ɓarin jiki. Idan kuwa haɗiyar ta tafi daidai, sai bayan daƙiƙoƙi kaɗan a ji lomar ta tsaya a bayan ƙashin ƙirji, to bututun abinci ne. Wurin da mutum yake nunawa da yatsa ba koyaushe yake zama daidai ba, domin toshewar da ke ƙasa tana iya bayyana kamar a gindin wuya take.

Tambaya ta biyu ita ce wane irin abinci ne yake tsayawa. Idan abinci mai tauri ne kawai, kamar nama, burodi ko busasshiyar shinkafa, ruwa kuwa yana wucewa lafiya, hakan yana nuna hanyar ce ta ƙuntata. Idan tun farko ruwa da abinci duk suna tsayawa tare, an fi zargin cewa tsokar bututun ce ba ta aiki daidai, kamar a ciwon da ake kira akalasiya, inda zoben ƙasa yake ƙin buɗewa. Mai akalasiya yakan dawo da abincin da bai narke ba, marar tsami, wani lokaci cikin dare har ya jiƙa matashi, kuma sau da yawa ana shafe shekaru ana ba shi maganin ƙwannafi a banza.

Tambaya ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce ko abin yana ƙaruwa. Maƙalewar da take zuwa sau ɗaya a watanni, ta tafi, ta dawo, ba tare da rama ba, ta fi kama da wani siririn zobe na fata a ƙarshen bututun, wanda ake kira zoben Schatzki, ko kuma kumburin bututu mai alaƙa da borin jini, wanda ya fi kama matasa da maza masu asma ko ƙaiƙayin fata. Tsukewar tabo tana ƙaruwa ne a hankali, a tsawon watanni masu yawa ko shekaru, kuma mai ita yakan ci gaba da jin yunwa. Amma idan cikin makonni ko 'yan watanni aka tashi daga kasa haɗiye nama zuwa kasa haɗiye abinci mai laushi, sannan abin sha mai kauri, ga kuma rama, to wannan shi ne tsarin da ake tsoro.

Mutane sukan ɓoye wa kansu wannan ci gaba ba da niyya ba. Sai mutum ya fara tauna abinci fiye da da, ya riƙa ajiye kofin ruwa kusa da shi, ya daina cin nama yana cewa ba ya sha'awarsa, ya zama shi ne na ƙarshen tashi daga wurin cin abinci. Idan aka tambaye shi ko abinci yana maƙale masa sai ya ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa, domin ya riga ya daina cin duk abin da zai maƙale. Saboda haka tambayar da ta dace mutum ya yi wa kansa ita ce, mene ne nake ci wata shida da suka wuce wanda yanzu na bari. A rubuta amsar tare da watan da aka fara lura, sannan a hau ma'auni. Raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki cikin wata 6 zuwa 12 ba tare da niyya ba abin kulawa ne, wato kilo uku da rabi ga mai kilo 70.

Mataki na uku: tattara magunguna da tarihin lafiya

A haɗa duk magungunan da ake sha a tafi da kwalayensu. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen, dikulofenak da asfirin suna ƙara ƙunar bututu da tumbi. Wasu ƙwayoyi kuma, kamar doksisaikilin, ƙwayar ƙarin jini, fotasiyam da maganin ƙarfafa ƙashi alendironet, idan aka haɗiye su da ɗan ruwa kaɗan aka kwanta, suna iya liƙewa a bututun su yi gyambo, wanda yake sa zafi mai tsanani wajen haɗiya. Zafin haɗiya ga mai ƙanjamau, mai ciwon suga, ko mai shan sitiroyid yakan kasance daga funfuna ce da ta kama bututun. A kuma faɗa wa likita gaskiya game da taba da giya, da ko an taɓa shan wani sinadari mai ƙuna ko da a yarinta ne, da ko wani na jini ya yi ciwon dajin bututun abinci ko na tumbi.

Mataki na huɗu: neman gwajin kyamara, ko da magani ya yi aiki

Magungunan da ke rage asid, irin su omefurazol, suna da ƙarfi sosai. Ana shan miligiram 20 sau ɗaya a rana, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, kuma ga mai ƙwannafi zalla wanda ba shi da wata alamar haɗari, gwada su na mako 4 zuwa 8 hanya ce karɓaɓɓiya. Ga mai maƙalewar abinci kuwa, wannan ƙarfin nasu yana iya zama tarko. Maganin zai kashe zafin, ya rage kumburi har haɗiya ta ɗan yi sauƙi, mutum ya ɗauka ya warke, alhali abin da ya tare hanyar yana nan yana girma. Ƙa'idar 2015 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta ce duk mai wahalar haɗiya, komai shekarunsa, a tura shi gwajin kyamara cikin gaggawa, haka ma wanda ya kai shekara 55 yana ramewa tare da ƙwannafi ko ciwon saman ciki. Ma'aunin da aka sa wa wannan gaggawa a wancan lokacin shi ne mako biyu, kuma ya dace kowa ya riƙe wannan adadi a ransa idan ana ce masa ya ƙara haƙuri.

Idan an je gaban likita, a fara da maganar haɗiya. Wanda ya ce yana da olsa ko ƙwannafi yakan fito da takardar magani, amma wanda ya ce wata uku ke nan abinci yana tsaya masa a ƙirji, ya daina cin nama, kuma ya rage kilo huɗu, ya ba likita abin da ba zai kau da kai daga gare shi ba. Yawanci za a ɗebi jini don duba ƙarancin jini, wanda yake nuna zubar jini a ɓoye.

Akwai alamar da take ruɗar mutane, wato ƙwannafin da aka daɗe da shi ya ragu da kansa a daidai lokacin da maƙalewa ta fara. Wannan ba sauƙi ba ne, domin tsukewar hanyar tana iya rage tasowar asid, kuma fatar bututun da asid ya canza ba ta jin zafi kamar ta asali.

Mataki na biyar: shirin gwajin da abin da zai faru

Gwajin kyamara, wato endoskofi, shi ne zura siririn bututu mai laushi, mai kyamara a ƙarshensa, ta cikin baki zuwa tumbi. Kaurinsa bai wuce na ɗan yatsa ba, kuma ba ya bi ta hanyar numfashi, don haka mutum yana numfashinsa yadda ya saba. Ana daina cin abinci aƙalla sa'a 6 kafin gwajin. Ana fesa maganin kashe zafi a maƙoshi, ko a yi allurar da ke sa gyangyaɗi, kuma aikin yakan ɗauki minti 5 zuwa 15. Wanda aka yi wa allura yana bukatar mai raka shi gida, kuma kada ya yi tuƙi sai bayan sa'a 24. Masu shan maganin tsinka jini ko na ciwon suga su sanar tun kafin ranar, kada su dakatar da shi da kansu. Wasu likitoci sukan so a daina maganin asid mako biyu kafin gwajin don kada ya rufe abin da ake nema, amma wannan shawara ce ta likita, kuma bai kamata ta jawo jinkirin gwajin gaggawa ba.

Abu ɗaya da nake ganin ya kamata mara lafiya ya tambaya shi ne ko za a ɗebi ɗan nama don aunawa. Ɗibar ba ta da zafi, kuma tana da amfani ko da bututun ya yi kama da lafiyayye a ido, domin kumburin borin jini ba a tabbatar da shi sai a ƙarƙashin madubin likita, inda ake ƙirga wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil. Inda babu kyamara a kusa, ana iya fara hoton bariyam, wato a sha wani farin ruwa mai kauri a ɗauki hoto yana gangarawa. Yana nuna wurin tsukewa da siffarta, amma ba ya ba da damar ɗibar nama, don haka idan ya nuna wani abu dole a bi shi da kyamara.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin wani mutum mai shekara 58, mai ƙiba a ciki, wanda ya shafe shekaru yana shan maganin ƙwannafi duk lokacin da abin ya tashi. Wata biyar da suka wuce nama ya fara tsaya masa, yanzu burodi ma sai ya jiƙa shi, amma ruwa yana wucewa, yana jin yunwa, kuma nauyinsa ya sauka daga kilo 86 zuwa 84. Wannan tsari ya fi kama da tsukewar tabo, sai dai shekarunsa da ƙaruwar abin sun isa a yi masa gwaji cikin gaggawa. Kyamara ta nuna tsukewa mai santsi, gajera, a ƙarshen bututun, faɗinta kimanin milimita 10, da gyambo a samanta. An ɗebi nama daga wurin, sakamakon ya nuna babu ciwon daji.

Maganinsa kashi biyu ne. Na farko shi ne faɗaɗa wurin da balan-balan na musamman ko da sanduna masu laushi da ake ƙara girmansu, a hankali, sau da yawa a zama biyu ko uku da tazarar makonni, har faɗin ya kai kimanin milimita 15 ko fiye, inda yawancin mutane suke cin abinci yadda suka saba. Ba a faɗaɗawa gaba ɗaya a rana guda saboda gudun yagewa, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, zazzaɓi ko wahalar numfashi bayan an yi masa ya koma asibiti a take. Na biyu shi ne shan maganin asid kullum na dogon lokaci, domin idan ya daina, tabon zai dawo. Bayan kimanin mako 8 an sake leƙawa, saboda gyambo yana iya rufe abin da ke ƙarƙashinsa, sai aka ga fatar ƙarshen bututun ta rikiɗe ta zama irin ta hanji.

Wannan canji shi ne ake kira bututun Barrett, da sunan likitan fiɗa Norman Barrett wanda ya yi rubutu a kai a 1950. Ba ciwon daji ba ne, kuma a kowace shekara ƙasa da mutum ɗaya cikin 100 na masu shi ne yake komawa ciwon daji. Duk da haka ana sa ido a kansa da gwajin kyamara duk bayan 'yan shekaru, gwargwadon tsawon wurin, domin idan ƙwayoyin suka fara lalacewa ana iya ƙone su ko a yanke su ta cikin kyamara ba tare da fiɗa ba.

Da a ce mutumin nan ya zo da labarin mako takwas kawai, ya rage kilo bakwai, ga dushewar murya, kuma kyamara ta nuna tsiro mai gautsi da ke zubar da jini, da hanyar ta zama daban. Bayan aunin nama ya tabbatar da ciwon daji, za a yi hoton ƙirji da ciki don sanin iyakar yaɗuwarsa, sannan a zaɓi tsakanin cirewa ta kyamara, fiɗa, allurar kashe ƙwayoyin daji da gashi da haske, ko haɗin wasu daga cikinsu. Bututun abinci yana miƙewa sosai, shi ya sa tsiro yakan girma kafin a ji maƙalewa, kuma wannan ne dalilin da ya sa makonnin da ake ɓatawa bayan alamar ta bayyana suke da tsada. Nau'in ciwon dajin da ke biyo bayan ƙwannafi da ƙiba yakan kama ƙasan bututun, ɗaya nau'in kuma, mai alaƙa da taba, giya da yawan shan abu mai tsananin zafi, yakan kama sama ko tsakiya, kuma yana zuwa ko da mutum bai taɓa ƙwannafi ba.

Mataki na shida: yadda za a zauna kafin ranar gwaji da bayanta

A ci abinci mai laushi da ɗanshi, ƙananan lomomi, a zaune a miƙe, a tauna sosai, kuma a guji nama mai tauri da busasshen burodi. A raba abinci zuwa ƙananan ci da yawa don kada a rame. A bar sa'a 3 tsakanin cin dare da kwanciya, a ɗaga kan gado da santimita 15 zuwa 20 ta hanyar sa wani abu ƙarƙashin ƙafafunsa, domin tara matasai yana lanƙwasa ciki ne kawai, kuma a kwanta ta gefen hagu. Kowace ƙwaya a sha ta da cikakken kofin ruwa, a kuma zauna aƙalla minti 30 kafin a kwanta. Barin taba da rage ƙiba suna rage tasowar asid fiye da dogon jerin abincin da ake hana mutane.

Idan kyamara da aunin nama ba su nuna komai ba amma abinci yana ci gaba da tsayawa, bincike bai ƙare ba. Abin da ya rage shi ne gwajin matsin tsoka, inda ake zura siririn bututu ta hanci a auna yadda bututun abinci yake matsewa da yadda zoben ƙasa yake buɗewa yayin da mutum yake haɗiye ruwa, kuma da shi ake tabbatar da akalasiya. Wanda aka faɗaɗa wa tsukewa kuma ya ga maƙalewar ta dawo, ko tana dawowa da sauri bayan kowane zama, ko ya fara ramewa, ya koma a sake leƙawa a sake ɗibar nama, ko da sakamakon farko ya fito lafiya, domin ɗibar farko tana iya kuskure wurin da ciwon yake.